"A Canja Min Kala, a Ƙara Wa Maɓallin Saye Girma": Abin da Ke Cikin Wannan Saƙo

Duk matashin da ke sana'ar tsara shafukan intanet don kansa, ba a ƙarƙashin wani kamfani ba, ya san irin wannan saƙo. Yakan shigo ta WhatsApp, sau da yawa da daddare bayan an rufe kanti an yi lissafin ciniki. Mu ɗauki misalin wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari a Kano, wadda aka buɗe wa shafin sayar da kaya. Ga abin da ta rubuto:

"Salamu alaikum, ɗana, ya aiki? Don Allah shafin nan namu nake so ka duba. Kalar ba ta yi min ba, ta yi duhu. Ina so a mayar da ita ruwan gwal, ta yi haske ta ɗau ido. Sannan wurin da ake dannawa a sayi kaya ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa girma sosai. Mutane suna shiga amma ba sa saye. Ina so a gama kafin Sallah. Na gode."

Saƙo ne na mutunci, kuma mai shi ta san kasuwarta. Sai dai idan yaron ya amsa da "to Hajiya, an gama" ya hau aiki kamar yadda aka faɗa, akwai yiwuwar ya ɓata shafin fiye da yadda yake. Jimlar da ta fi kowace muhimmanci a saƙon ita ce wadda aka sa kusa da ƙarshe: mutane suna shiga amma ba sa saye. Wannan ce cutar. Ruwan gwal da babban maɓalli magani ne da Hajiya ta zaɓa tun kafin a auna mara lafiya. Wani ɓangare na maganin daidai ne, wani ɓangaren kuwa zai ƙara ciwo, kuma akwai hanyar bambance su da ba ta dogara ga ra'ayin kowa ba.

Mu fara da maɓallin, domin a nan Hajiya ta fi kusa da gaskiya. Mai tsara shafi yakan yi aikinsa a kan kwamfuta mai faffaɗar fuska, yana nuni da linzami mai tsinin kibiya. Masu sayen atamfa kuwa da waya suke shiga, Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, wata tana cikin adaidaita sahu, wata tana riƙe da yaro a hannu ɗaya, babban yatsa kaɗai ke aiki. Abin da kibiyar linzami ke samu ba wahala, yatsa yakan kuskure shi. Tun 1954 wani masani Ba'amurke mai suna Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya taɓa abu ya danganta ne da nisan abin da kuma girmansa: ƙarami mai nisa ya fi cin lokaci, kuma an fi kuskure shi. A kan wannan masu ƙera wayoyi suka tsayar da ma'auni. Kamfanin Apple yana ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 44 tsawo 44 faɗi a ma'auninsa. Google kuma ya ce 48 da 48 a wayoyin Android, wanda a zahiri ya kai kimanin milimita 9, tare da barin tazarar 8 tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. A shafin intanet ana auna wannan da fiksel, wato ɗan ɗigon da ake ƙirga girman komai da shi a fuskar waya.

To, kalmar "sosai" da Hajiya ta rubuta ba ma'auni ba ce. Idan yaron ya buɗe shafin ya tarar tsawon maɓallin fiksel 30 ne, lallai ya gaza, kuma gyaran a bayyane yake: a kai shi 48. Idan kuwa ya tarar ya riga ya kai 48, kai shi 90 ba zai ƙara ciniki ba. Zai dai ture hoton kaya da farashi zuwa ƙasa, ya cinye wurin da mai saye ke bukata don ta ga zanen atamfar. Fuskar wayoyi da yawa faɗinta a ma'aunin shafi bai wuce fiksel 360 zuwa 400 da ɗoriya ba, don haka kowane wuri da aka ba maɓalli an ƙwace shi ne daga wani abu.

Sau da yawa ma matsalar ba girma ba ce, mazauni ne. A shafin kaya irin na Hajiya akan jera hoto, sai suna, sai farashi, sai dogon bayani a kan yadi nawa ne da inda aka saƙa shi, sai zaɓin launi, sannan can ƙasa maɓallin saye. Mai saye sai ta ja shafin sau uku ko huɗu kafin ta iske shi. Idan aka ce mata "ba ki ga maɓallin ba?" za ta ce ya yi ƙanƙanta, alhali ɓuya ya yi. Gyaran da ya dace shi ne a ɗauko shi a ajiye dab da farashi, ko a manna shi a gindin fuskar waya ya riƙa bin mai saye duk inda ta ja shafin, domin nan ne babban yatsa ya fi saurin kaiwa. A waya kuma ya fi kyau ya cika faɗin shafin daga hagu zuwa dama, yadda mai hannun dama da bahago duk za su same shi.

Akwai kuma abin da ke rubuce a kansa. Shafuka da yawa na ƙananan 'yan kasuwa an gina su ne a kan WordPress da WooCommerce, kuma maɓallin yakan zo da rubutun "Add to cart". Wanda ya saba saye a intanet ya san nufinsa: a jefa kaya a kwando, a biya daga baya. Amma matar da sayenta na farko ke nan tana iya tsayawa tana tunanin ko dannawa na nufin kuɗi sun fita daga asusunta. Rubutu irin "Saka a kwando" ko "Saya yanzu" yana iya warware abin da ƙarin fiksel ashirin ba zai warware ba. Ni a ganina duk mai kantin da kwastomominta Hausawa ne ya kamata ta yi wannan tambaya kafin ta tambayi girma.

Batun launi ya fi wuya, domin a nan ne son zuciya da ma'auni suke karo. Ruwan gwal launi ne da muke ƙauna, launin biki da kayan lefe, kuma ba laifi ba ne mai kanti ta so shafinta ya nuna wannan alfarma. Matsalar ita ce ido ba launi kaɗai yake karantawa ba, bambancin haske tsakanin rubutu da bangon da ke bayansa yake bi. Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, tana da kundin ƙa'ida mai suna WCAG, inda aka ba wannan bambanci lamba. Baƙin rubutu a kan farin bango shi ne ƙololuwa, 21 bisa 1. Launi a kan irinsa kuwa 1 bisa 1 ne, ba a ganin komai. Ƙa'idar ta ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5 bisa 1, babban rubutu kuma kada ya gaza 3 bisa 1.

Yanzu a auna abin da Hajiya ta nema. Kowane launi a kwamfuta yana da lambarsa. Ruwan gwal mai haske shi ne `#FFD700`, fari kuma `#FFFFFF`. Idan aka yi maɓalli ruwan gwal aka rubuta "Saya yanzu" da fari a kai, bambancin kimanin 1.4 bisa 1 ne kawai. A ɗaki mai duhu a kan sabuwar waya za a iya lallaɓawa a karanta. A tsakar rana a waje, a kan wayar da aka rage wa haske don tattalin caji, ko wadda gilashinta ya tsage, rubutun ɓacewa zai yi. Dattijuwar da idonta ya fara rauni, wadda wataƙila ita ce za ta sayi turmi goma na lefen ɗanta, ba za ta ga komai ba sai ɗan fili rawaya. Amma a bar ruwan gwal ɗin nan yadda yake, a mayar da rubutun baƙi, sai bambancin ya haura zuwa kusan 15 bisa 1. Ke nan ba launin ne ya yi laifi ba, abokin zaman da aka haɗa shi da shi ne.

Saura matsala ɗaya: idan bangon shafin fari ne, maɓalli ruwan gwal zai narke a cikinsa, ko da rubutunsa baƙi ne. Shi ya sa gwanin mai tsara shafi zai ba Hajiya shawarar a raba wa launuka aiki. Bango ya zama fari ko ruwan madara, domin kayan da ake sayarwa su kansu launi ne. Atamfa mai kore da ja da shuɗi idan aka ɗora ta a kan bango rawaya mai ƙyalli, ido yakan gaji, kuma launin kayan yakan sauya a gani, sai kwastoma ta karɓi saƙonta ta ce ba wannan ta zaɓa ba. Ruwan gwal ya tsaya a tambarin kanti da layukan ado. Maɓallin saye kuma a ba shi launi mai nauyi, misali ruwan hanta mai lamba `#800020`, wanda da farin rubutu bambancinsa ya haura 10 bisa 1, kuma yana zama da gwal lafiya lau.

Sharaɗin da ya fi muhimmanci shi ne kada wani abu a shafin ya ari launin maɓallin saye. Idan kanun labari da farashi da maɓallin komawa baya da na "duba wasu kaya" duk ruwan hanta ne, to an koma gidan jiya, ido bai san inda zai sauka ba. Mutane kan tambaya wane launi ne ya fi sa a yi saye, ja ko kore ko ruwan lemo. Babu launin da ke da wannan asiri. Wanda ya yi fice daga sauran shafin shi ne ke aiki. A kuma kula da masu matsalar bambance ja da kore, waɗanda galibinsu maza ne: kada a ce kore na nufin "akwai kaya" ja na nufin "sun ƙare" ba tare da an rubuta hakan da kalmomi ba.

Wani tarkon shi ne sunayen launuka. Ruwan gwal na Hajiya ba lallai ya zama na yaron ba, haka ruwan goro, ruwan hoda, ruwan zuma. Duk wadda ta taɓa aika yaro kasuwa ya sayo zaren da zai dace da leshi ta san sai an haɗa shi da ƙyalle, in ba haka ba ya dawo da wani abu dabam. Ƙyallen mai tsara shafi shi ne lambar launi, ko hoton tambarin kanti na asali, ko sunan wani shafi da launinsa ya burge ki. Hoton allon kanti da aka ɗauka da waya ba abin dogaro ba ne sosai, domin hasken rana da na fitila suna sauya launi, kuma wayoyi biyu ba sa nuna launi iri ɗaya.

Shi kansa aikin, idan an daidaita magana, ba shi da yawa. A shafin WooCommerce maɓallin da ke shafin kowane kaya yana da suna a cikin lambobin shafin, kuma abin da za a rubuta bai wuce wannan ba:

```css
.single_add_to_cart_button {
  background-color: #800020;
  color: #FFFFFF;
  min-height: 48px;
  width: 100%;
  font-size: 18px;
}
```

Layi na farko ya ba maɓallin ruwan hanta, na biyu ya sa rubutun fari, na uku ya hana tsawonsa gaza fiksel 48, na huɗu ya shimfiɗa shi faɗin wurinsa, na biyar ya ƙara girman rubutu. Mai kanti na iya kallon wannan ta ce, ashe aikin minti biyar ne ake neman kuɗi a kai? Rubutun minti biyar ne, gaskiya. Amma wannan maɓalli ɗaya ne. Akwai na jerin kaya, akwai na cikin kwando, akwai na wurin biyan kuɗi, kowanne da sunansa. Wani lokaci rigar shafin, wato tsarin da aka saya ko aka sauke, tana da nata umarnin da ke danne sabon, sai an bi an gano. Idan kuma yaron ya yi gyaran kai tsaye a cikin fayilolin rigar, ranar da aka sabunta ta duk aikin zai goge. Wurin da ya dace shi ne akwatin "Additional CSS" ko abin da masu sana'ar ke kira "child theme". Haka nan mai hankali ba ya gwaji a kan shafin da kwastomomi ke ciki. Yakan ajiye kwafin shafin tukuna, ya yi gyaran a kan wani kwafin gwaji, ya turo a gani.

Sannan ga rigimar da kusan kullum sai an yi. Yaro ya ce ya gama, Hajiya ta buɗe wayarta ta ga tsohon launi, ta kira rai a ɓace. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Waya takan adana tsohon kwafin shafi don kada ta sake cin data, shi take nunawa. A buɗe shafin a wata wayar da ba ta taɓa shiga ba, ko a tagar sirri ta manhajar Chrome mai suna "Incognito", yawanci za a ga sabon. Idan har yanzu tsohon ne, to akwai wata ma'ajiyar a can inda shafin yake zaune da shi yaron ne zai share ta.

Da Hajiya ta san duk wannan, ga irin saƙon da za ta iya rubutawa:

"Salamu alaikum, ɗana. Kwastomomi uku sun ce min sun rasa inda za su danna su sayi kaya a waya, ɗaya ta turo hoton fuskar wayarta, ga shi na haɗo maka. Ina so maɓallin saye ya dawo kusa da farashi, ya cika faɗin waya, a rubuta 'Saya yanzu' a kai. Ga tambarin kantinmu, ina son ruwan gwal ɗinsa ya fito a shafin, amma ka ba ni shawara kan launin maɓallin yadda za a karanta shi a rana. Ka turo min samfuri biyu in zaɓa kafin ka taɓa shafin. Kada a canja hotunan kaya da farashi. Nawa ne kuɗin aikin, kuma gyara sau nawa ke ciki? Ina so a gama kafin azumi ya kama."

Ita kuma amsar da ta dace daga yaron ba "an gama" ba ce. Ya ce: "Hajiya, na gani. Zan turo miki samfuri biyu ranar Laraba. Kuɗin kaza ne, ya haɗa da maɓallan shafi huɗu da gyara sau biyu, abin da ya wuce haka sai mu sake magana." Yawancin ɓacin ran da ke shiga tsakanin masu kanti da masu wannan sana'a daga rashin wannan jimla yake tasowa. Ita tana ganin ƙaramin gyara ne a cikin tsohon ciniki, shi yana ganin sabon aiki ne, kowa ya yi kawaici har zumunci ya yi tsami. Maganar lokaci ma ba ƙarama ba ce. Mai atamfa ta san cinikin Sallah tun kafin azumi da farkonsa ake yinsa, saboda teloli suna rufe karɓar ɗinki da wuri. Taɓa shafi a tsakiyar wannan ruguntsumi kasada ce. Idan wani abu ya karye a wurin biyan kuɗi na kwana biyu, asarar ta fi duk abin da sabon launi zai kawo.

Saura tambayar da ta haifar da saƙon tun farko: shin gyaran zai sa a yi saye? Ana ganewa ne da lambobi uku, waɗanda mai tsara shafi zai iya fitarwa idan an haɗa shafin da ma'aunin baƙi irin Google Analytics: mutum nawa suka shiga, nawa suka saka kaya a kwando, nawa suka biya. A ƙaddara a wata guda mutum 1,000 suka shiga, 20 suka danna maɓalli, 12 suka biya. Nan cikas ɗin yana gaban maɓalli ne, ko a kansa: ba a gan shi ba, ko hotuna ba su fito ba, ko shafin ya yi nauyin buɗewa mutane suka gaji suka fita. Gyaran Hajiya na iya taimakawa. Amma a ƙaddara 1,000 suka shiga, 150 suka saka kaya a kwando, 12 kacal suka biya. To maɓallin ba shi da laifi, ya yi aikinsa sau 150. Mutane a gaba suke gudu: ko kuɗin kai kaya zuwa Kaduna ko Maraɗi ya bayyana musu ba zato a matakin ƙarshe, ko an tilasta musu buɗe asusu da kalmar sirri, ko suna son tura kuɗi ta banki shafin kuma kati kaɗai yake karɓa, ko babu lambar waya da adireshin kanti da za su kwantar musu da hankali. A irin wannan hali ko maɓallin ya cika fuskar waya, ciniki ba zai motsa ba.

A kuma yi hattara da saurin yanke hukunci bayan gyara. Manyan kamfanoni suna gwada launi biyu a lokaci guda a kan miliyoyin mutane, har Google ya taɓa gwada shuɗi iri 41 don ya zaɓi ɗaya. Kantin da ke samun ciniki goma sha biyu a wata ba shi da wannan yawan. Idan ciniki ya tashi daga 12 zuwa 15, yana iya zama maɓallin ne, yana iya zama albashi ne ya shigo ko lokacin bukukuwa ne ya kama. Gwajin da ya fi amfani ga ƙaramin kanti ba ya cin ko kwabo. Ki samu mutum biyar masu shekaru daban-daban, har da dattijuwa ɗaya, kowa da wayarsa, ki fita da su waje cikin rana, ki ce kowa ya sayi turmin atamfa ɗaya a shafin. Kada ki nuna musu komai, ki tsaya ki kalli yatsunsu. Inda suka tsaya suna laluben hanya, ki rubuta. Ki yi wannan gwaji kafin ki aika wa mai tsara shafinki saƙo, ki kuma maimaita shi a kan kwafin gwaji kafin ki biya shi cikon kuɗinsa.